Yadda ake ƙara soket ɗin cajin salula ko rediyo a mota ba tare da an ƙona wayarin ba

Yawancin soket ɗin caji da ake ƙara wa motoci a Kano aikin minti goma ne. A leƙa ƙarƙashin sitiyari, a nemi duk wayar da ta kunna fitilar tasta, a fere ta, a murɗa sabuwar waya a kai, a naɗe da salatif. Soket ya kawo wuta, kowa ya kama gabansa. Aikin yana ci a ranar, amma an bar abu biyu a baya. Tsohuwar wayar da aka rataya wa sabon kaya ba don shi kamfani ya auna kaurinta ba. Ita kuma sabuwar wayar, wadda galibi siririya ce, babu fiyus daidai da ita, sai dai ta dogara da wani babban fiyus da aka sa domin wani aikin daban.

Aikin fiyus shi ne kare waya, ba kare salula ko rediyo ba. Idan fatar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir zai tura mata wutar da ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ta yi ja, robarta ta kama. Fiyus ne zai tsinke kafin a kai ga haka, da sharaɗin ya fi wayar rauni, kuma yana zaune a inda wutar ta taso. Kamar mai gadi ne, a bakin ƙofa yake da amfani, ba a ƙuryar ɗaki ba. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus a buɗe yake, babu mai kare shi.

Kuma kada a ɗauka fiyus yana tsinkewa da zarar an wuce lambar da ke jikinsa. Na 20A zai iya riƙe amfiya 25 har tsawon mintuna bai yanke ba. Idan siririyar waya mai kaurin 0.5mm² ce a bayansa, amfiya 20 kaɗai na sa kowace mita ɗaya ta wayar ta riƙa fitar da zafin wat 14, a cikin dashbod ɗin da ranar watan Afrilu ta riga ta gasa. Robar wayar za ta narke alhali fiyus yana nan lafiya lau.

Fara da lissafin abin da za ka ɗora

Mu ɗauki direban Sharon mai lodi daga tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna. Yana son soket biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya saboda fasinja, kowanne mai baki biyu na USB. A jikin kwalin kowane soket an rubuta 5V 4.8A. Idan aka ninka biyar da 4.8, wat 24 ke nan. Soket biyu, wat 48. Soket ɗin kansa yana cin wani abu wajen sauke wuta daga 12V zuwa 5V, shi ya sa yake ɗumi, don haka a ƙaddara wat 56. Sai a raba da 12, a sami amfiya 4.7. Wannan shi ne iyakar abin da za a ja daga mota idan salula huɗu suna caji lokaci guda.

A lura cewa 4.8A ɗin da ke jikin kwali na ɓangaren salula ne, ba abin da soket ɗin zai ja daga batir ba. Kullum a mayar da lissafi zuwa wat, sannan a raba da 12.

Daga wannan lamba ake zaɓen fiyus, daga fiyus kuma a zaɓi waya. Fiyus ya ɗan ɗara abin da za a ja, don kada ya riƙa aiki a maƙura. Amfiya 4.7 ta yi wa na 5A kusa da yawa, don haka na 7.5A ya dace. Ita kuma waya dole ta iya ɗaukar fiye da lambar fiyus ɗin. Ma'aunin da nake bi, wanda ke da sarari saboda zafin garinmu, shi ne waya mai kaurin 0.5 kada fiyus ɗinta ya wuce 5A, mai 1.0 kada ya wuce 10A, mai 1.5 ta tsaya a 15A, mai 2.5 kuma a 20A. A aikin direbanmu mai 1.0 ta isa, amma tunda wayar za ta yi tafiyar mita huɗu zuwa kujerar baya, ni mai 1.5 zan saya. Bambancin kuɗin ba shi da yawa, kuma a mita huɗun abin da za a rasa na ƙarfin wuta bai wuce 0.2V da 'yan kai ba. Da mai 0.5 ce, asarar sai ta ninka haka sau uku.

Sayen kaya

A Ƙofar Ruwa ko wajen masu kayan wuta na Sabon Gari za ka sami waya da fiyus da sauran tarkace. Soket ɗin USB kuwa har a Fam Santa ana samu. Abin da ya fi buƙatar ido shi ne waya. Ka sayi mai silli-silli da yawa a ciki, mai lanƙwasuwa, ba mai ƙarfe ɗaya ta wayarin ɗin gida ba, don girgizar mota karya ta take yi. Kada kaurin roba ya ruɗe ka. Ka ce wa mai shago, “Alhaji, a ɗan fere min bakinta in gani.” Akwai wayar da daga waje kamar igiya, ciki kuwa silli bai fi a ƙirga ba. Sannan ka kankare sillin da wuƙa. Idan ja ne har ciki, tagulla ce. Idan farin ƙarfe ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla, kuma irin wannan ba ta ɗaukar abin da tagulla mai kaurinta ke ɗauka, ga saurin karyewa a wurin haɗi. Araha ba ta ado, a bar ta.

Fiyus mai ƙafa biyu da ke cikin motoci launinsa ke nuna ƙarfinsa: na 5A ruwan ƙasa mai haske, na 7.5A ruwan ƙasa mai duhu, na 10A ja, na 15A shuɗi, na 20A ruwan ɗorawa, na 30A kore. Girmansu kuma ba ɗaya ba ne, akwai manya, akwai ƙanana, akwai masu gajerun ƙafa. Ka zaro ɗaya daga motarka ka tafi da shi kasuwa. Ni na fi yarda da fiyus ɗin da aka ciro daga motocin kwatano a kan sababbin da ake zubawa a leda babu suna, domin a cikin na ledar akwai waɗanda ba sa tsinkewa a lambar da aka rubuta musu.

Sai wani ɗan abu da ya sauƙaƙa wannan aikin ƙwarai, wato mariƙin fiyus mai hawa biyu. Yana da ƙafa biyu irin na fiyus da ake soka shi a gurbin tsohon fiyus, da gurbi biyu a kansa, da guntuwar waya da ta fito daga gefe. Gurbin ƙasa na tsohon fiyus ne, na sama na sabon layinka. Da shi ba sai an fere wayar kamfani ko ɗaya ba. Ka haɗa da kawunan waya masu zobe da masu sokawa, da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, da maɗauran roba. Kayan aiki kuwa mita, filayar matse kan waya, sifana lamba 10, da sukurudireba. Na ce mita, ban ce fitilar tasta ba, domin fitila mai ƙwai tana jan wuta, kuma idan ka soka ta a wayar kwamfutar mota za ta iya yin ɓarna.

Neman inda za a ɗauki wuta

Akwatin fiyus na cikin mota yawanci yana ƙarƙashin dashbod ta wajen direba, ko a gefen dashbod ɗin idan an buɗe ƙofa. A jikin murfin, ko a littafin mota, akwai zanen da ke nuna aikin kowane fiyus. Wanda kake nema shi ne na abin da ba zai tsayar da mota ba idan ya mutu, kuma wanda wutarsa ke ɗaukewa idan an zare makulli. Masu rubutun CIG, ACC ko P/OUTLET su ne zaɓin farko. Duk mai rubutun SRS, AIRBAG, ABS, ECU, EFI ko na famfon mai, ko kusa da shi kada ka je. Haka kuma duk wayar da ka gani cikin riga ruwan ɗorawa, ko mai fulogi ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari da ƙarƙashin kujera, ta jakar iska ce. Ba a fere ta, ba a soka mata mita.

Kada ka tsaya ga rubutu kawai, ka gwada. Juya mita zuwa DC 20V, ka ɗora baƙin tsinke a kan wani noti da ke jikin ƙarfen mota, jan tsinken kuma a kan ɗan ƙarfen da ke leƙowa a bayan fiyus. Makulli a kashe, ya kamata ka ga sifili. Ka murɗa makulli zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kamawa ba a tayar da inji ba, ka ga 12 da ɗoriya. Idan akwai wuta alhali makulli yana aljihunka, wannan layin kai tsaye yake da batir, sai ka nemi wani. A motocin Jamus da dama soket ɗin taba yana da wuta dare da rana, don haka mai Sharon da mai Golf su kula da wannan gwajin sosai. Soket ɗin USB, musamman mai fitila ko mai nuna lambar batir, yana shan wuta kaɗan-kaɗan ko babu salula a jikinsa, kuma motar da ke kwana biyu a ajiye za ta nuna hakan.

Akwai iyaka ga abin da za a ɗora ta wannan hanya. Ko da sabon layi yana da fiyus ɗinsa, wayar da ke kawo wuta cikin akwatin da makullin da ke ba ta wuta su ne za su ɗauki ƙarin. Amfiya biyar irin ta direbanmu ba komai ba ce. Daga amfiya goma zuwa sama kuwa a bar akwatin fiyus, a bi hanyar rile da zan bayyana a gaba.

Haɗin kansa

Kafin ka taɓa komai, ka kwance kan batir na nagetif, mai alamar ragewa, ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, domin idan sifana ta haɗa fozitif da bodi alhali nagetif yana ɗaure, tartsatsin zai iya ƙona hannu. Mai Honda da ke da rediyon kamfani ya tabbatar yana da lambobin buɗe rediyon, don wasunsu suna kullewa idan an cire batir.

Fara daga wurin soket, ka ƙare a wurin wuta. Ka huda inda soket zai zauna bayan ka leƙa ka tabbatar babu waya ko ƙarfe a baya, sannan ka ja jar waya daga can zuwa akwatin fiyus. Ta bi gefen da wayoyin kamfani suka bi, a ƙarƙashin robar dokin ƙofa, ana ɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya ko biyu. Wuraren da ke cin waya sanannu ne: layin da kujera ke zamewa a kai, sandar sitiyari, bayan birki da totur, da duk bakin ƙarfe mai kaifi. Inda dole ta ratsa ƙarfe, a sa mata zoben roba ko a zura ta cikin guntun tiyo. A wurin soket na gaba sai a raba wayar biyu, reshe ɗaya ya shiga nan, ɗaya ya wuce baya, duka da kauri ɗaya.

Haɗi shi ne inda aikin da yawa ke lalacewa. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba ya daɗewa a Kano. Motar da ta wuni a rana, gam ɗin salatif ɗin narkewa yake yi, ya saki, ƙura ta shiga, haɗin ya yi sako-sako ya fara zafi. Ka fere kamar rabin santimita ko ɗan fiye, ka zura ta cikin kan waya, ka matse da filayar matsewa, sannan ka ja da ƙarfi. Idan ta zare, gara ta zare a hannunka yanzu. Sai ka rufe da robar tsukewa. Wanda ya iya dalma zai iya yi da ita, amma ya ɗaure wayar kusa da haɗin, domin wurin da dalma ta ƙare yana da saurin karyewa idan ana girgiza.

Baƙar waya, wato nagetif, ba sai ta koma batir ba, bodin mota shi ne hanyar komawa. Kaurinta ya zama daidai da na jar. Nemi noti da ya shiga ƙarfen bodi kai tsaye, ba sukurun da ke riƙe roba ba, ka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka sa kai mai zobe, ka ɗaure tamau. Kowane soket ya sami nasa kusa da shi.

Yanzu sai mariƙin fiyus, kuma a nan akwai abin da ko masu wayarin sukan tsallake. Gurbin fiyus yana da ɓangaren da wuta ke shigowa da ɓangaren da take fita, shi kuma mariƙin zai shiga ta kowace fuska ka juya shi. Idan ka soka shi a juye, wutar sabon layi sai ta fara ratsa tsohon fiyus kafin ta iso naka, ka ga an koma ɗora wa tsohon layi kaya. Gane daidai ba wuya. Matse jar wayarka a guntuwar wayar mariƙin, ka sa fiyus ɗin 7.5A a gurbin sama, ka bar gurbin ƙasa babu komai. Soka mariƙin, mayar da kan batir, murɗa makulli zuwa ACC. Idan soket ya kawo wuta, zaman ya yi daidai. Idan bai kawo ba, kashe makulli, zare, juya shi, sake gwadawa. Bayan nan sai ka mayar da tsohon fiyus a gurbin ƙasa, da lambarsa ta asali. Kada a ƙara masa ko amfiya ɗaya.

Idan kayan sun fi ƙarfin akwatin fiyus

A ce direban nan ya ce yana son soket irin na taba a but, saboda injin hura taya. Irin wannan injin yana jan amfiya goma zuwa sha biyar. Wannan sai sabon layi daga batir, da waya mai kaurin 2.5 da fiyus ɗin 20A a cikin mariƙi mai murfi, a ɗaure shi kusa da kan batir, kada tazarar ta wuce santimita 30. Don kada layin ya zauna da wuta kullum, sai a sa rile mai ƙafa huɗu, wato makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa don ya ba babban layi wuta. Lambobin suna rubuce a ƙarƙashinsa. Wayar da ta fito daga fiyus ta shiga 30, wadda za ta tafi soket ta fita daga 87, ƙafa 85 ta tafi bodi, 86 kuma ta karɓi wutar ACC daga mariƙin fiyus mai hawa biyu da ƙaramin fiyus na 3A ko 5A. Abin da rile ke ja daga tsohon layi bai kai rubu'in amfiya ba, nauyin duka yana kan sabuwar waya. Wajen shigar da wayar daga gidan inji zuwa cikin mota, a bi ta robar da wayoyin kamfani suka ratsa, kuma a nisanta ta da salansa.

Rediyo

Canza rediyo kaɗai, ko da mai allo ne, ba ya buƙatar sabon layi. A bayansa za ka ga fiyus, yawanci na 10A, kuma wayoyin da kamfani ya kawo wurin suna iya ɗaukar wannan. Rubutun 4x50W da ke jikin kwali kada ya tsorata ka. Abin da ya fi shi ne ka sayi fulogin da ke haɗa na motarka da na rediyon, a yi duk haɗin a jikinsa, fulogin kamfani ya zauna yadda yake.

Launin wayoyin sabon rediyo kusan ɗaya ne a ko'ina. Ruwan ɗorawa ta wutar dindindin ce, ita ke riƙe agogo da tashoshi, kuma a yawancin rediyoyi ta nan babbar wutar ke shiga. Ja ta ACC ce, ita ke ce masa ya tashi. Baƙa ta bodi. Shuɗiya mai ratsin fari ta tayar da amfilifaya ce, ba a ɗora mata wani kaya. Na sifika takwas ne, bibbiyu: fari, ruwan toka, kore da shunayya, mai ratsin baƙi ita ce nagetif. Amma launin wayoyin da ke jikin motar daban ne, kowane kamfani da nasa, don haka da mita za ka gano wadda ke da wuta kullum da wadda ke jiran makulli. A Golf da wasu motocin Jamus gurbin waɗannan biyun a musanye yake, shi ya sa fulogin haɗi da yawa ke zuwa da mahaɗa a kan ja da ruwan ɗorawa don a iya sauya su. Alamar an juya su ita ce ka ajiye tasharka, ka kashe mota, ka dawo ka tarar rediyo ya manta komai.

Wasu suna haɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya a kan wutar dindindin don a ji rediyo ba makulli. Ban ba da shawarar haka ba, musamman ga mai allo, domin batir yake ci a hankali. Wayar sifika kuma kada ko ɗaya ta taɓa bodi, kuma kada a rataya sifiku biyu a baki ɗaya. An gina rediyon don sifika mai 4Ω a kowane baki. Biyu a haɗe gefe da gefe sun koma 2Ω, sai rediyo ya yi zafi, sauti ya riƙa yankewa, daga baya ya ƙone.

Amfilifaya kuwa ba ta da hurumi a wayoyin rediyo ko kaɗan. Duba fiyus ɗin da ke jikinta. Idan biyu ne na 20A, amfiya 40 ke nan, sai waya mai kaurin 10mm² daga batir kai tsaye, da fiyus ɗin 40A a kusa da batir, da gajeruwar wayar bodi mai kauri iri ɗaya. Idan fitilun mota suna dusashewa duk sanda ganga ta buga, altaneta ce ke gaya maka kayan sun yi mata yawa.

Masu Adaidaita Sahu su ma wannan ƙa'idar ce, sai dai batirinsu ƙarami ne, abin da ke caja shi ma haka. Soket ɗin USB ɗaya da fiyus ɗin 5A a bayan makulli ba matsala, amma a sayi mai murfin roba saboda ruwan Agusta, a kafa shi yana kallon gefe ko ƙasa. Manyan sifiku da amfilifaya su ne ke sa a wayi gari ana tura Adaidaita. Manyan motoci masu batir biyu a jere kuwa 24V gare su. A sayi soket mai rubutun 12-24V, rediyo kuma a sa masa na'urar sauke wuta. Ɗaukar 12V daga batir ɗaya yana sa ɗayan ya riƙa cika fiye da kima, shi kuma wanda ake ja ya kasa cika, a yi asarar duka biyun.

Gwaji kafin a mayar da robobi

Kada ka rufe dashbod sai ka gwada da kaya a kai. Tayar da mota, ka auna kan batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.5V da 14.5V. Soka salula a kowane baki, waɗanda cajinsu ya yi ƙasa don su ja sosai, ka auna wutar da ke isa bayan soket na baya. Idan ta gaza ta batir da fiye da rabin 1V, akwai haɗin da bai kama ba, kuma yawanci na bodi ne. Bar su kamar minti goma sha biyar, sannan ka bi layin da hannu. Soket ya yi ɗumi ba laifi. Waya, mariƙin fiyus da wuraren haɗi kuwa bai kamata su yi zafi ba. Inda yatsanka ya ji zafi, nan ne za a sake matsewa.

Sai ka kashe mota, ka zare makulli, ka ga fitilar soket ta mutu. Idan kana son tabbatarwa babu abin da ke shan batir, mayar da jan tsinken mita ramin 10A, ka juya ta zuwa DC 10A, ka cire nagetif, ka sa mitar tsakanin kan batir da wayarsa, ƙofofi a rufe. Kada ka kuskura ka tayar da mota a haka, mitar za ta ƙone. Jira kwamfutocin motar su kwanta, a wasu motocin sai an yi minti ashirin ko fiye. Abin da ya rage kada ya wuce 0.05A. Idan ya wuce, zare sabon fiyus ɗinka ka gani. Lambar ta faɗi, laifin aikinka ne. Ba ta motsa ba, matsalar ta riga ka zuwa.

Idan daga baya fiyus ya tsinke, yadda ya tsinke yana faɗin dalili. Wanda ya yanke nan take da murɗa makulli, jar waya ce ta taɓa bodi, ko soket ɗin ya lalace a ciki. Cire wayar daga bayan soket ka sa wani fiyus, idan ya sake yankewa laifin na hanya ne. Wanda ke yankewa bayan an ɗan yi tafiya, kaya ne suka fi lissafi, wataƙila wani ya soka abin da ba a shirya masa ba. Wanda ke yankewa sai an faɗa rami ko an ja kujera, fatar waya ce ta goge a wani wuri, a bi ta taƙi-taƙi. Idan kuma robar mariƙin ta narke alhali fiyus bai tsinke ba, ƙafafunsa ne ba su kama da kyau ba, sai a canza mariƙin gaba ɗaya. A duk waɗannan, fiyus mai lamba iri ɗaya ake mayarwa. Sa wanda ya fi shi, ko naɗa sillin waya ko takardar gwangwanin taba a gurbinsa, cire kariyar ne ɗungurungum alhali ciwon yana nan.

Caji mai kamawa yana saki, a fara duba igiyar cajin, sannan notin bodi. Kukan da ke fita a sifika yana hawa da sauka tare da totur, a sake wa rediyo ko amfilifaya wurin bodi mai kyau, a kuma raba wayar sauti da wayar wuta, kowace ta bi gefenta na mota. Idan kuwa tashar FM tana fita tangaran sai an soka salula ta fara shuu, soket ɗin ne mara kyau yake watsa hayaniya, kuma maganinsa a canza shi da wani.